Ya rantse bai taɓa ta ba, amma ita ke fara jin damuwarsa

*Assalamu alaikum Hajiya. Shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu 3, muna zaune a Kawo. Maigidana ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Akwai wata bazawara a ofishinsu da yake rage wa hanya kullum. Makon jiya na ga hirarsu a wayarsa, ya ajiye lambarta da sunan namiji. Babu batsa a ciki, amma duk abin da ke tsakaninmu ta sani, har saɓanin da muka yi kan kuɗin makarantar yara. Da na yi magana ya rantse ko hannunta bai taɓa riƙewa ba, ya ce kishi ne ke damuna, kuma ko aurenta zai yi ai halal ne. Na kasa barci. Wannan cin amana ne, ko ni ce na cika zargi? Me ya dace in nema a wurinsa?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Ki karɓi rantsuwarsa. Na daɗe ina zama da ma'aurata a kan irin wannan matsala, kuma yawancin mazan da suka yi min wannan rantsuwa gaskiya suka faɗa. Sai dai ya rantse ne a kan abin da ba shi ya hana ki barci ba. Abin da ya hana ki barci shi ne an kwashi wani abu na ɗakinki an kai wa wata, kuma an yi dabara don kada ki sani. Wannan cin amana ne, ko da jiki bai taɓa jiki ba. Ki riƙe kalmarki daidai: cin amana, ba zina ba. Kada ɓacin rai ya sa ki furta zina a kansa ko a kanta, domin ƙazafi babban laifi ne da Suratun Nur ta yi wa iyaka da shaidu huɗu, kuma ranar da kika furta shi kin ba shi makamin da zai mai da ke mai laifi, a bar maganar abin da ya yi.

Zan fara da yadda abin ke farawa, don sai kin gane hanyar da ya bi ya shiga za ki san ƙofar da za ki ce a rufe.

Da wuya ka ga namijin da ya tashi da safe da niyyar ya kamu da son abokiyar aikinsa. Sabo ne ke yin aikin a hankali. Tun ƙarshen 2021 da gwamnatin jihar Kaduna ta mai da aikin ma'aikatanta kwana huɗu a mako, ana shiga ƙarfe takwas a tashi biyar, awa tara ke nan mutum yana tare da mutanen ofis. Sannan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, rage hanya ta zama taimakon da kowa ke yaba wa. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce minti talatin da safe, minti talatin da yamma, kwana huɗu: awa huɗu ke nan a mako, su biyu a mota, ba kukan yaro, ba mai shigowa ya ce gas ya ƙare. Ki tambayi kanki yaushe rabon da ke da shi ku samu awa huɗu a mako kuna hira ku kaɗai. Ita tana ganinsa cikin gogaggiyar shadda da ƙamshin turare, yana ba da umarni ana bi. Ke kuwa shi gajiyayye yake iso miki, kuma dole ke ce mai tuna masa kuɗin haya da na makaranta. Ba don ta fi ki ba ne hirarta ta fi masa daɗi. Hirarta ce ba ta da nauyi a bayanta.

Da farko maganar aiki ake yi, gulmar shugaban sashe da jinkirin ƙarin girma. Sai wata rana ya shigo mota fuska a ɗaure, ta ce lafiya kuwa, ya ce bari kawai, mutuniyar ce. A nan aka tsallake iyaka ta farko, kuma shi kansa bai ji ya tsallake komai ba. Ta saurare shi ba ta katse shi ba, ta ce ai kana ƙoƙari, ba kowane namiji ne zai iya abin da kake yi ba. Washegari ita ma ta buɗe masa nata cikin, yadda aurenta ya mutu, yadda take fama da yara. Yanzu kowa na riƙe da sirrin ɗan'uwansa. Daga nan sai saƙon kin isa gida lafiya, sai kular abinci da ake ajiye masa a kan tebur, sai ya zama in an yi masa abin farin ciki ita yake fara kira.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne ranar da ya fara ɓoyewa. Duk abotar da mutum zai iya yi a gaban matarsa ba ta buƙatar sunan bogi. Ranar da ya zauna ya goge sunanta ya rubuta na namiji, zuciyarsa ta riga ta yanke hukuncin cewa abin ba daidai ba ne, tun kafin ki ce uffan. Shi ya sa ba na yarda a ce miki kishi ne kawai. Kishi kumallon mata ne, gaskiya, amma ba kishinki ne ya sauya sunan ba. Sauran alamomin wataƙila kin gan su ba ki fassara ba: waya ta koma kwanciya rub da ciki, ya iso ƙofar gida amma sai ya yi minti goma a cikin mota kafin ya shigo, sunan matar da a da ba ya barin bakinsa ya ɓace ɗif, ga saurin fushi a kan ƙaramin abu, don mai kwatanta matarsa da wata kullum sai ya ga aibunta.

Za ki ji masu ce miki sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wato ki binciki kanki. Ba na musun cewa kowane aure na da tsagarsa, kuma za a zo kan naku. Amma na ga gidajen da ba su da wata matsala ta a zo a gani kuma abin ya faru, saboda kusanci da keɓewa kaɗai sun isa. Ai shi ya sa hadisi ya ce namiji ba zai keɓe da mace ba face Shaiɗan ne na ukunsu, bai ce sai wanda matarsa ta gaza ba. Gyaran aurenku aikinku ne ku biyu. Ɓoyewar kuwa aikinsa ne shi kaɗai, kada ki ɗaukar masa.

Sai maganar halal, wadda na san ita ta fi ɗaure ki, don kina tsoron a ce kina jayayya da abin da Allah ya halatta. Ki kwantar da hankalinki. Ƙarin aure halal ne, amma yana da ƙofa. Mai neman aure magabata yake tura wa, a san da shi, a sa rana. Abin da ke faruwa a nan ba neman aure ba ne. Wata da watanni ana hira a ɓoye, ana keɓewa a mota, ana baje sirrin uwargida, ba waliyyin da ya sani. Halaccin abin da bai yi ba tukuna ba ya wanke abin da yake yi yanzu. Don haka kada ki yarda a ja ki zuwa muhawarar kishiya, ba ita ce a gabanku ba. Ki ce masa, Abban wane, in aure kake so ka bi ta ƙofa, ni zan yi haƙuri da abin da Allah ya hukunta. In ba aure ba ne, ka yanke. Abin da ba zan iya ba shi ne zama a tsakiya. Ki sani fa yana iya zaɓar auren, kada ki faɗi wannan magana sai kin shirya jin kowace amsa. Amma na ga mazan da wannan tambaya ta farkar da su, don da aka ce su ɗauki nauyin sadaki da lefe da haya da 'ya'yan wani, sai suka gane daɗin hirar suke so, ba matar ba. Da matar aure ce kuwa, to babu ma wata ƙofa, sai yankewa, don an yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ɓata mace ga mijinta.

To me za ki nema? Ma'aunin da nake ba mata shi ne ki nemi abin da ke hannunsa, wanda ido zai iya gani, kuma wanda ke da wa'adi. Ba za ki iya umartar zuciyarsa ta daina jin wata ba, shi ma ba zai iya ba a dare ɗaya. Amma ƙafarsa da yatsunsa da bakinsa suna hannunsa.

Na farkon abin da za ki nema shi ne gaskiya, a zama ɗaya. Yaushe aka fara, me ya gaya mata game da ke, akwai kuɗi ko kyauta a tsakani, sun taɓa haɗuwa a wajen aiki, wa ya sani a ofis. Ki gaya masa dalilin da kike son ta gaba ɗaya: gaskiyar da ke fitowa gutsure-gutsure ta fi ƙarya ciwo, don duk sabon abin da kika gano bayan ya ce shi ke nan, ciwon sabo yake komawa. Amma ki yi wa kanki iyaka. Kada ki ce sai kin karanta kowane saƙo, kada ki tambaye shi wa ta fi kyau. Kalmomin da kika karanta ba sa goguwa, za su riƙa dawo miki a kan sallaya har bayan shi ya manta ya rubuta su.

Sannan ya yanke, kuma yankewa a ofis na da siffarta, tunda gobe ma zai gan ta. Rage hanya ta tsaya, ba a rage ta ba, ta tsaya. In ya ce kunya yake ji ya wuce ta a bakin titi, ki gane kunyar gaskiya ce, amma ba ta fi aurenku ba, kuma kafin ya fara ɗaukarta ai tana zuwa aiki. Magana ta koma ta aiki, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe. Ba saƙo bayan an tashi. In an tura su aiki Abuja ko wata ƙaramar hukuma tare, ya gaya miki tun kafin ranar, ba ki ji a bakin wani ba. Kuma ya sanar da ita a saƙo gajere da kika gani da idonki, wanda bai ɗora miki laifi ba. Ki kula da wannan sosai. In ya rubuta mata cewa madam ta gano, ta tayar da hankali, mu ɗan ja baya, to bai yanke ba, ya ƙara haɗa kai da ita ne a kanki. Saƙon da ke yankewa shi ne wanda ya ce abin da nake yi bai dace ba, na zalunci iyalina, daga yau sai maganar aiki.

Batun waya shi ne inda ma'aurata suka fi yin karo. Zai ce miki Allah ya hana bincike, kuma gaskiya ne, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigi. Shi ya sa ba na ba ki shawarar ki riƙa lallaɓa wayarsa yana wanka. Wannan hanya cinye ki za ta yi, in ba ki ga komai ba ki ce gogewa ya yi, in kin gani ki kwana kuka. Abin da za ki nema shi ne shi ya buɗe da kansa, na wani lokaci. Ki tuna masa da daren da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rako matarsa Safiyya daga masallaci yana i'itikafi, wasu Ansar biyu suka gan su suka ƙara sauri, ya tsayar da su ya ce Safiyya ce 'yar Huyayyu, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Wanda ba a zarginsa da komai ya kawar da shubuha da kansa, balle wanda aka kama da sunan bogi. A aikace, ya mai da sunanta na gaskiya, ki san lambar buɗe wayar, ya kashe Disappearing messages a hirarsu ta WhatsApp, kada ya tura ta cikin Archived ko ya kulle ta da Chat lock. Ku sa wa'adi, ni wata uku nake fara ba mutane, sannan a zauna a duba. Wa'adin na kare ku duka biyu, shi ya san ba ɗaurin rai-da-rai ba ne, ke kuma ba ki zama ɗan sandan gidanki ba.

Bari in ba ki labarin wasu da na zauna da su, daga wajen Tudun Wada, don ki ga inda abin ke karkacewa. Shekararsu 12 da aure. Shi ya amince da komai cikin sauri, har ya ba ni mamaki. Mako huɗu lafiya lau. A na biyar matar ta dawo min ta ce ba ta ga komai a waya ba, wayar fes, amma ranta bai kwanta ba. Na ce me kika lura da shi? Ta ce ya daina kawo labarin ofis kwata-kwata, kuma ranar Laraba sai bayan isha yake shigowa. Da muka zauna da shi, ashe bai koma ɗaukarta ba, bai rubuta mata ba, amma sukan tsaya a ofis bayan kowa ya watse, wai yana ba ta haƙuri don ta shiga damuwa. A ganinsa bai karya alƙawari ba, tunda ba a ambaci wannan ba. Na ce masa, Alhaji, damuwarta ba kai ne maganinta ba, kai ne sanadinta, kuma duk ranar da ka zauna lallashinta ka ɗaura igiyar da ka ce ka kwance. Abin da muka ƙara a yarjejeniyarsu ɗaya ne: duk wata hulɗa da ita da ta wuce gaisuwa da aiki, shi zai fara gaya wa matarsa a ranar, ita kuma ta yi alƙawarin ba za ta mai da abin faɗa ba. Wannan rabin na biyu ya fi wuya. Ranar farko da ya dawo ya ce yau ta tsayar da ni a bakin mota ta ce na canza, matar ta ce min sai da ta shiga bayi ta wanke fuska kafin ta iya cewa na gode da ka gaya min. Da ta yi masa ihu a ranar, da ya koyi cewa faɗar gaskiya tsada gare ta, ya koma shiru. Bayan wata biyu shi da kansa ya nemi a sauya masa sashe. Sun kusa shekara kafin ta ce min ta daina faɗuwar gaba in wayarsa ta yi ƙara.

Daga labarin nan za ki ga yadda ake gane an yanke da gaske. Ba tsabtar waya ba ce, wannan kowa na iya yi. Wanda ya yanke shi ke kawo miki labari kafin ki tambaya, kuma in kika sake tayar da maganar a mako na shida ba ya cewa ba mun gama wannan ba. Kina da haƙƙin ki nemi wannan juriya. Za ki yi tambaya ɗaya sau biyar, ranki zai ɓaci ba gaira ba dalili in kun bi ta titin da take sauka. Don kada maganar ta cinye gidan, ku ware mata lokaci, kamar rabin awa sau biyu a mako bayan yara sun yi barci, sauran lokacin a bar ta. Shi ma kada ki yi mamaki in kin ga ya yi sukuku na 'yan makonni. Ya rabu da abin da ya saba ne. Yana da zafi ki gani, amma ba alamar ya koma ba ce.

Akwai abubuwan da nake roƙonki kada ki nema. Kada ki ce ya ajiye aiki, a wannan zamani tuwon 'ya'yanki ne za ki zubar, kuma zai riƙe ki da shi har abada. Sauyin sashe ko na ofis ya isa in ana iya samu, shi ma sai in matakan farko sun gaza. Kada ki sa shi ya rantse ba zai taɓa ƙara aure ba. Kada ki je ofishinsu, kada ki kira ta, kada ki tura hotunan hirar ga ƙawaye ko dandalin dangi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, in ji Hausawa, to kada ki zama zomon. Ba ita ta ɗaura aure da ke ba. Ranar da kika tozarta ta, kin mai da ita abar tausayi, shi kuma mai kare ta, kuma abin da ya fita bakin mutanen ofis ba ya dawowa ko kun shirya.

Abin da ya rage, wanda mata ke mantawa su nema saboda hankali ya tafi kan hanawa, shi ne a dawo miki da abin da aka ɗauke. Awa huɗun nan na mota ba ɓacewa za su yi ba, wani wuri za su koma. Tunda ba ya zuwa ofis ranar Juma'a, ki nemi safiyar Juma'a ta zama taku, yara na makaranta ko suna wurin kaka, ko rakiyar cefane ce zuwa Kasuwar Barci ku biyu a mota. Kuma ki nemi alƙawarin cewa in yana da ƙorafi a kanki, ke zai fara kawo wa. A nan ne naki aikin zai shigo, don in ya kawo sai ya samu kunnen da zai saurara har ya kai aya. Saɓanin kuɗin makarantar nan da ya kai wa wata, ku sake buɗe shi ku biyu, ku gama shi a ɗaki.

In kuwa ya ƙi duk wannan, ya tsaya a kan cewa ba abin da ya yi, ko ya amince da baki kika sake kama ɓoyo, to lokacin shigo da manya ya yi. Aya ta 128 a Suratun Nisa'i ta ambaci macen da ke tsoron juya bayan mijinta, ta buɗe musu ƙofar sulhu, aya ta 35 kuma ta ce a ɗauko mai sasantawa ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginki. Ki zaɓi mutum biyu masu riƙe sirri waɗanda yake jin nauyinsu, kamar yayansa ko kawunsa da waliyyinki, ba taron dangi ba. Ki je musu da abin da kika gani da abin da kika nema, ba da zagi ba, kuma ki roƙe su kada su sallame ku da ki yi haƙuri kawai ba tare da an ɗora masa komai ba. In maganar ta sa ya fara yi miki barazana, ko ɗaga hannu, ko hana ku abinci, ki daina tunkararsa ke kaɗai, ki sanar da magabatanki a ranar, domin wannan cutarwa ce da alƙali ma ke saurara.

Kafin ki yi masa maganar, ki samu kwana biyu ki ci abinci ki yi barci, ko da sai kin kai yaran gidanku sun kwana. Ki zaɓi ranar Alhamis da dare, tunda ba zai tashi ya tafi ofis ya gan ta da safe ba. Ki rubuta abubuwan da za ki nema a takarda, kada su wuce biyar, don in kuka ya zo miki a tsakiya ki duba ki ci gaba.